Yadda injiniya zai yi wa daraktoci bayanin sauya tsarin kwamfuta su fahimta kafin su sa hannu

Kwamitin daraktoci ba ya zama don koyon aikin injiniya. Yana zama ne don ya amince, ko ya ƙi, ko ya ce a dakata, kuma idan abin ya lalace gobe, sunayensu ne a kan takardar amincewa. Injiniyan da ya shiga ɗakin taro da niyyar koyar da ma'anar kalmomi zai ɓata minti ashirin ɗin da aka ba shi, ya fito ba a yanke komai ba. Mafi muni kuma shi ne ya fito da amincewar mutanen da ba su san abin da suka amince da shi ba. Aikin da ke gabanka shi ne ka mayar da kowace kalmar fasaha zuwa abin da za ta jawo: wa zai shafa, na tsawon wane lokaci, nawa za a kashe, kuma me za a yi idan ta ƙi.

Bari mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. A ce ƙaramin bankin bayar da rance ne mai rassa shida, kuma duk bayanan asusun abokan hulɗa suna kan saba ɗaya, wato babbar na'urar ajiyar bayanai, a hedikwata, mai aiki da Windows Server 2012 R2. Kai ne injiniyan, kana son a kwashe bayanan a mayar da su kan sabar haya ta intanet. Ga abin da injiniyoyi da yawa za su haska a allo:

```
Migrate core DB off Windows Server 2012 R2 (EOL) to cloud
RPO 15 min | RTO 4 hrs | SLA 99.9%
Weekend cutover with rollback
```

Babu ƙarya ko ɗaya a cikin layukan nan uku. Amma Alhajin da ke shugabantar kwamitin ɗan kasuwa ne, Hajiyar da ke kula da binciken kuɗi akanta ce, na ukunsu lauya ne. Ba wanda zai iya kafa hukunci a kansu.

Mataki na farko: rubuta abin da kake nema a jimla ɗaya

Kafin ka buɗe kwamfuta ka fara shirya allo, ɗauki takarda ka rubuta buƙatarka ba tare da kalmar fasaha ko ɗaya ba. A misalinmu za ta fito kamar haka: "Muna neman izinin kwashe bayanan asusun abokan hulɗa daga na'urar da ke hedikwata zuwa na'urar haya, a ƙarshen mako guda, inda za a rufe hada-hada daga daren Juma'a zuwa yammacin Lahadi, a kan kuɗi kaza yanzu da kuɗi kaza duk wata."

Idan jimlar ta ƙi fitowa, matsalar ba ta harshe ba ce. Kai kanka ba ka gama tantance abin da kake nema ba, kuma kalmomin fasaha ne suke rufa maka asiri. Wannan jimla ita za ka buɗe baki da ita bayan gaisuwa. Mu injiniyoyi mun saba jero tarihi, mu bi da matsala, mu bi da hanyoyin da muka gwada, sai can a ƙarshe mu faɗi buƙata. Darakta kuwa ba ya sanin abin da zai riƙe a cikin bayaninka sai ya san tambayar da za a yi masa.

Mataki na biyu: kasa kalmominka kashi uku

Bi duk abin da ka shirya ka ja layi a ƙarƙashin kowace kalmar da ba za ka ji ta a bakin kashiya ba. Kashi na farko su ne waɗanda za a zubar gaba ɗaya: sunan manhajar da za ta kwashe bayanan, girman ƙwaƙwalwar sabuwar saba, lambar sigar rumbun bayanai. Waɗannan su koma takardar ƙarin bayani a bayan rahoto, wanda ya so ya duba. Kashi na biyu su ne waɗanda za a maye gurbinsu da magana ta yau da kullum ba tare da an ambaci asalinsu ba. `cutover` ya zama "daren sauyi", `rollback` ya zama "komawa tsohon tsari".

Kashi na uku ne ke buƙatar tunani. Akwai kalmomin da dole daraktoci su san su da sunansu, domin za su gan su a kwangilar da za su sa wa hannu, kuma masu bincike za su tambaye su a kansu. A nan su ne `RPO` da `RTO` da `SLA`. Kada su wuce uku. Ga kowacce, fara da ma'ana da misali, sai a ƙarshe ka ce, "wannan shi ne abin da za ku gani an rubuta da `RPO` a shafi na huɗu." Idan ka fara da sunan, hankalin mai sauraro zai tsaya a kan harufan, bayanin ya wuce shi.

Mataki na uku: mayar da kowace kalma zuwa abin da za ta jawo

Nan ne mafi yawan aikin yake, don haka mu bi su a hankali.

Ɗauki `EOL` tukuna, wato ƙarewar wa'adin tallafin kamfanin da ya yi manhajar. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce "na'urar ta tsufa". Shugaban kwamiti zai amsa, kuma da gaskiyarsa, cewa ai tana aiki lafiya, jiya ma an biya albashi da ita. Gaskiyar maganar ba tsufa ba ce. Kamfanin Microsoft ya daina fitar da gyaran tsaro na kyauta ga Windows Server 2012 R2 tun ranar 10 ga Oktoba, 2023. Saboda haka ka ce: "Ranka ya daɗe, tana aiki, kuma za ta iya ci gaba da aiki. Abin da ya canza shi ne, duk ɓarakar tsaro da aka gano a cikinta bayan wannan rana, kamfanin da ya yi ta ba zai aiko mana da gyara ba sai in mun biya, su kuma ɓarayin intanet suna karanta sanarwar ɓarakar kamar yadda muke karantawa." Sannan ka faɗi ɗayan zaɓin da kanka kafin wani ya tono shi: akwai tsarin biyan kuɗi don ƙarin gyaran tsaro, amma wa'adinsa shekara uku ne, zuwa Oktoban 2026, wato jinkiri ake saya da shi. Injiniyan da ya ɓoye zaɓi mai sauƙi don a amince da wanda yake so, ranar da aka gano, ba za a sake yarda da lissafinsa ba.

Ga lauyan kwamiti kuwa, ka haɗa maganar da abin da ya sani. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta wajabta a sanar da hukumar kare bayanai cikin awa 72 da gano kutsen da ka iya cutar da masu bayanan. Da jin haka ya gane cewa batun ya shafi kujerarsa.

Sai `RPO`, wadda a ganina ita ce kalmar da aka fi cutar daraktoci da ita. Ma'anarta ita ce aikin tsawon wane lokaci ne zai iya ɓacewa daga na'ura idan ta mutu. Kada ka tsaya a ma'anar, ka ba su rana da awa. A ce bankin yana yin hada-hada 2,400 a yini, daga takwas na safe zuwa huɗu na yamma, wato 300 a kowace awa. A yanzu ana ɗaukar kwafin ajiya sau ɗaya, da ƙarfe goma na dare. Sai ka ce: "Idan na'urar ta mutu ƙarfe uku na yammacin Alhamis, kwafin da muke da shi na daren Laraba ne. Aikin awa bakwai, kusan hada-hada 2,100, babu shi a na'ura. Sai ma'aikata sun bi takardun ajiya da na cire kuɗi ɗaya bayan ɗaya sun sake shigarwa, kuma wanda ya cire kuɗi da safe asusunsa zai nuna kamar bai cire ba. A sabon tsari, mafi yawan abin da za mu rasa shi ne aikin minti 15, kusan hada-hada 75."

Hajiya mai binciken kuɗi ba ta buƙatar ƙarin bayani bayan wannan, don ta san wahalar daidaita littafi. Ka kuma lura cewa ba a ce "ba za mu rasa komai ba". An ce 75. Sauƙaƙa magana ba lasisin goge haɗari ba ne, kuma a nan ne masu son burge manya suke zamewa.

`RTO` kuma shi ne tsawon lokacin da za a ɗauka kafin aiki ya dawo bayan na'ura ta mutu. "Awa huɗu" ba ta da nauyi a kunne sai an ɗora ta a kan rana ta gaske: idan ta faɗi ƙarfe goma na safen ranar biyan albashi, layi zai tsaya a rassa shida har ƙarfe biyu. Akwai tambayar da ya kamata ka yi wa kanka kafin su yi maka: awa huɗun nan alƙawarin takarda ne, ko an taɓa gwadawa? Idan an gwada, faɗi ranar da aka gwada da lokacin da ya ɗauka. Idan ba a gwada ba, kira shi buri, ka saka gwajin a cikin abin da kake neman izininsa. Kwafin ajiyar da ba a taɓa dawo da shi an ga ya buɗe ba, ba a san ko yana aiki ba.

Na ukun shi ne `SLA 99.9%`, alƙawarin kamfanin haya na yawan lokacin da sabis zai kasance a tsaye. Duk wanda ya yi makaranta zai ji kashi 99.9 cikin ɗari ya ɗauka an gama magana. Yi musu lissafin a fili. Shekara tana da awa 8,760, kuma kashi 0.1 cikin ɗari nata awa 8 ne da minti 46. A wata mai kwana talatin, kusan minti 43 ke nan. Da alƙawarin 99.99 ne, da abin bai kai awa ɗaya a shekara ba, kusan minti 53. Da kuma 99 ne cif, da ya haura kwana uku da rabi. Tara guda a bayan ɗigo tana rage lokacin faɗuwa sau goma, ita kuma ake biya wa kuɗi mai yawa.

Bayan lissafin akwai abu biyu da kwangilar ba za ta ɗaga murya a kansu ba, kai ne za ka faɗa. Na farko, idan kamfanin ya saɓa alƙawari, abin da aka saba bayarwa shi ne ragi a kuɗin hayar wata, ba diyyar asarar ciniki ba. Na biyu, alƙawarin ya tsaya ne a kan na'urorinsu, bai haɗa da layin intanet da ya taso daga reshenmu zuwa wurinsu ba. Daraktoci da yawa za su tuna ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanonin sadarwa a Nijeriya suka shiga matsala. Sabar haya tana iya zama lafiya ƙalau a irin wannan rana, reshe kuma ya kasa kaiwa gare ta. Wannan ne dalilin kuɗin layin intanet na biyu daga wani kamfani daban a cikin kasafinka, kuma idan ka bayyana shi haka, ba za a soke shi a matsayin almubazzaranci ba.

Mataki na huɗu: kwatance ɗaya, tare da inda ya ƙare

Kwatance yana taimakawa, amma guda ɗaya ya isa taro guda. Ga sabar haya, ka ce kamar mai hatsi ne ya daina ajiye buhuna a gidansa ya kama hayar sito a Dawanau: gini da maigadi da rufi na mai sito ne, amma makulli da lissafin wanda aka ba shi naka ne, kuma idan yaronka ya ba ɓarawo makulli, ba laifin mai sito ba ne. Da wannan sun gane rabon alhaki tsakaninmu da kamfanin haya. Nan take kuma ka faɗi inda kwatancen ya gaza: buhu idan an sace za ka ga gurbinsa, bayanai kuwa ana kwafe su ne, naka yana nan daram, ba za ka sani ba sai in akwai mai duba rajistar shiga da fita. Idan ba ka sa wannan iyaka ba, daraktoci za su ci gaba da tunani da kwatancen har ya kai su ga hukuncin da bai dace ba.

Tambayar "ina siton yake?" za ta zo. Ka riƙe sunan ƙasar da cibiyar bayanan take, domin dokar 2023 ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa ƙetare. "Yana intanet" ba amsa ba ce.

Mataki na biyar: ba da labarin daren sauyi awa bayan awa

Maimakon zanen akwatuna da kibiyoyi, ba su jadawali. Juma'a ƙarfe takwas na dare a rufe hada-hada a ɗauki cikakken kwafi. Asabar a kwashe bayanai, a gwada jimillar kuɗin duk asusu a tsohuwar na'ura da sabuwa, dole su yi daidai har kwabo. Lahadi da safe ma'aikata daga kowane reshe su shiga su yi aikinsu na kullum a sabon tsari. Lahadi ƙarfe biyu na rana a yanke: a ci gaba, ko a koma.

Dakata a kan wannan ƙarfe biyun, domin a nan kalmar `rollback` take yaudara. Mai ji yana ɗauka akwai maɓallin da za a danna a kowane lokaci komai ya koma yadda yake. Ba haka ba ne. Kafin a buɗe wa abokan hulɗa, komawa mai sauƙi ce, tunda tsohuwar na'ura tana nan ba a taɓa ta ba. Da zarar an buɗe ranar Litinin mutane sun fara ajiya da cirewa, sababbin bayanai suna sabon wuri kaɗai, komawa baya ta zama wani aikin kwashe kaya na biyu. Ka faɗa musu wannan ƙarara, ka faɗi sharuɗɗan da idan ba su cika ba za a koma, ka kuma nemi su ambaci sunan mutum ɗaya mai ikon cewa a tsaya.

Idan wani ya ga kamar ka cika tsoro, akwai abin da ya faru da bankin TSB na Birtaniya a watan Afrilun 2018. An kwashe bayanan abokan hulɗa zuwa sabon tsari a ƙarshen mako guda. Bayanan sun isa, amma sabon tsarin ya kasa ɗaukar aiki, mutane masu ɗimbin yawa suka kasa shiga asusunsu, kuma al'amura ba su daidaita ba sai a Disamba. Shugaban bankin, Paul Pester, ya sauka a Satumbar wannan shekara, sannan a Disambar 2022 hukumomin kula da bankuna suka ci tarar bankin fam miliyan 48.65. Abin lura ga mai bayani shi ne "bayanai sun isa lafiya" da "abokin hulɗa zai iya cire kuɗinsa" magana biyu ce daban. Daraktoci ta biyun suke tambaya ko da sun furta ta farko.

Mataki na shida: gwada bayanin a kan wanda ba ɗan fasaha ba

Kwana biyu kafin taro, nemi wani daga sashen kuɗi ko manajan reshe, ka yi masa bayanin cikin minti goma. Kada ka tambaye shi ko ya gane, zai ce ya gane don kunya. Ce masa ya faɗa maka da bakinsa abin da ake nema, abin da zai faru idan an ƙi, da mafi munin abin da zai iya faruwa idan an yarda. Duk inda ya maimaita kalmarka tsaf ba tare da ya sa tasa ba, wurin bai shiga ba, sake shi.

Mataki na bakwai: a cikin ɗakin taro

Shiru ba alamar fahimta ba ce, musamman a wurinmu da babba ba ya son a ga ya tambayi yaro abin da bai sani ba. Idan ka gama batun daren sauyi ba wanda ya ce uffan, ko tambayoyin duka suka koma kan farashi, to farashin ne kaɗai suka kama. Buɗe musu ƙofa ta hanyar da ba ta taɓa girma: "Hajiya, ta fuskar bincike, wane rahoto za ki so ki gani ranar Lahadi kafin a buɗe?" Ka mayar da ita mai ba da shawara a fagenta, kuma amsarta za ta nuna maka abin da ta fahimta.

Akwai tambayar da ba ta fashi: "Injiniya, ka tabbata ba za a samu matsala ba?" Kada ka ce e, kada kuma ka fake da kalmomin fasaha. Ka ce: "Yallaɓai, ba zan ba da tabbacin haka ba. Abin da nake da tabbaci a kai shi ne mun gwada kwashewar da kwafin bayanan gaske, jimilla ta yi daidai, kuma har ƙarfe biyu na Lahadi muna da hanyar komawa. Abin da na fi tsammanin zai dame mu shi ne jinkiri a rassa a makon farko, shi ya sa muka sa ma'aikacin fasaha a kowane reshe." Idan aka yi tambayar da ba ka da alƙalumanta a hannu, faɗi ranar da za ka kawo su a rubuce, kada ka yi kintace a gaban sakatare mai rubutawa.

Kafin a tashi, roƙi sakataren kwamiti ya karanta abin da ya rubuta a matsayin matsaya. Idan ya rubuta "an amince da inganta tsarin kwamfuta" kawai, nemi a gyara cikin ladabi. A rubuta ranakun da za a rufe hada-hada, kuɗin yanzu da na wata-wata, minti 15 da awa huɗun da aka amince da su, lokacin yanke shawarar ci gaba ko komawa, da sunan wanda aka ba ikon tsayar da aikin. A ƙara da ranar da za ka dawo gaban kwamitin da rahoton yadda sauyin ya gudana, a auna shi da waɗannan alƙaluma.